Na ga tallan aiki a LinkedIn, ko in tura wa mai ɗaukar ma'aikatan saƙo?

Tambaya: Na ga tallan aikin akanta a LinkedIn, kuma sunan matar da ta saka shi yana jiki. Shekara huɗu ke nan ina wannan aiki, amma sun ce suna son wanda ya ƙware a SAP, wato manhajar da kamfanoni ke tafiyar da lissafinsu da ita, ni kuwa shekara ɗaya kawai na yi ina aiki da shi. In tura mata saƙo, ko za ta ga na cika zaƙewa? In zan tura, me zan ce?

Amsa: Tura mata, ɗan'uwa. Na daɗe ina aikin ɗaukar ma'aikata, kuma ban taɓa jin haushin wanda ya rubuto mini a kan aikin da ni na tallata da hannuna ba. Wanda ya sa sunansa a jikin talla ya san za a neme shi. Abin da ke gajiyar da mu shi ne saƙon da ke ƙara mana aiki, wanda sai mun yi ta tambaya kafin mu san wane ne mai shi da abin da yake so. Saboda haka ka riƙe wannan tun daga farko: saƙonka ba shi zai ba ka aiki ba. Amfaninsa guda ne, ya sa matar nan ta nemo takardarka daga cikin tarin da ke gabanta ta buɗe ta da idonta. Duk kalmar da ba ta taimaka wa wannan ba, cire ta.

Kafin ka rubuta komai, sai ka san ko ita wace ce, domin masu wannan sana'a iri biyu ne, kuma yadda ake tunkarar ɗaya ya saɓa da na ɗayan. Buɗe shafinta ka duba inda aka rubuta wurin aikinta. In sunan kamfanin da take yi wa aiki shi ne sunan da ke jikin tallan, to 'yar gida ce, albashi take karɓa a wurin. In kuwa sunan wani kamfani ne daban, ko tallan ya ɓoye sunan ma'aikatar ya ce "wani babban kamfani da muke yi wa hidima", to dillaliya ce, wato ma'aikaciyar kamfanin da ke samo wa wasu ma'aikata. Ita wannan ladanta yana fitowa ne daga aljihun kamfanin da ya ɗauki mutum, yawanci wani kaso na albashinsa na shekarar farko, kuma sai ta hannunta mutumin ya shiga sannan a biya.

Ga dalilin da ya sa bambancin ke da nauyi. In 'yar gida ce, ka fara cike neman aikin ta hanyar da tallan ya nuna, sannan ka tura saƙo. Manyan kamfanoni suna tattara masu nema ne a cikin manhajoji irin su Workday ko Greenhouse, kuma duk wanda sunansa bai shiga ciki ba, a wajensu bai nema ba. Ko da saƙonka ya burge ta, amsar da za ta ba ka ita ce ka je ka cike, ka ga ka kashe damarka ta farko a kan abin da ka riga ka sani. In kuwa dillaliya ce, abin ya juya. Da ita za ka fara magana. Idan ka binciko sunan kamfanin ka tura musu takardarka kai tsaye, sannan ka dawo wurinta, sau da yawa ba za ta iya gabatar da kai ba, don kamfanin zai ce ai sunanka yana hannunsu tun kafin ta kawo ka, babu ladan da za su biya. Na ga mutanen kirki sun yi asarar mai tsaya musu ta wannan hanya, alhali so suke su nuna himma. Haka nan kada ka bar dillalai biyu su kai sunanka wuri ɗaya. Rigimar wa ya fara kawo ka kan sa kamfani ya ajiye takardar gefe.

Bari mu ɗauka 'yar gida ce, tunda sunanta na jikin tallan. LinkedIn kan nuna irin wannan suna a ƙarƙashin wani sashe mai taken `Meet the hiring team`. Ka lura da muƙaminta a nan ma, domin wani lokaci ba jami'ar ɗaukar ma'aikata ba ce, ita ce shugabar sashen da za ka yi aiki a ƙarƙashinta. In haka ne, faɗuwa ta zo daidai da zama, don ta fi kowa sanin abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya a ofis, kuma za ka iya yi mata maganar aiki zalla.

To, ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko da za ta yi in saƙonka ya shigo, tun kafin ta gama karanta shi, shi ne ta taɓa sunanka ta ga shafinka. Abin da idonta zai fara sauka a kai shi ne hotonka da layin da ke ƙarƙashin sunanka. In layin ya ce "mai neman dama", bai gaya mata komai ba. In ya ce akanta ne, mai rufe lissafin wata, mai aiki da SAP, ta riga ta sami rabin abin da take nema. Sannan ka tabbata shekaru da muƙaman da ke shafin sun yi daidai da na takardar tarihin aikin da ka tura. Idan takarda ta ce ka fara aiki a 2021 amma shafi ya ce 2022, ba za ta kira ka maƙaryaci ba, amma shakka ta shiga, kuma mai takardu ɗari a gabanta ba ta da lokacin warware shakka.

Yanzu ta wace ƙofa saƙon zai shiga? Dubi gefen sunanta, za ka ga an rubuta `1st` ko `2nd` ko `3rd`. In `1st` ne, kun riga kun zama abokan juna a LinkedIn, ka rubuta mata kai tsaye. In ba haka ba, hanyar da ba ta cin kuɗi ita ce ka danna `Connect`, sannan `Add a note`, ka rubuta ɗan gajeren bayani a jikin gayyatar. Wurin ƙunci gare shi, haruffa 200 ko 300 gwargwadon irin asusunka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma masu asusun kyauta an taƙaita musu yawan irin wannan bayani da za su tura a wata. Don haka kada ka ɓarnatar da su. Wata tuntuɓe kuma da ke kama mutane a waya: maɓallin `Connect` na iya tura gayyatar nan take ba tare da ya tambaye ka bayani ba. Ka shiga shafinta, ka taɓa ɗigo ukun da ke gefe, ka zaɓi `Personalize invite`. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in gayyatar ta tafi fayau ka janye ta don ka gyara, sai ka jira kusan mako uku kafin a bar ka ka sake gayyatar mutum ɗaya.

Ɗaya hanyar ita ce `InMail`, wadda masu biyan kuɗin `Premium` ke da ita. Tana ba ka fili mai yawa, har da wurin rubuta take. Ni dai ba na ba mutum shawarar ya biya kuɗi saboda aiki guda, don gajeren bayani mai kyau yana yin abin da dogon zai yi. In ka ga `2nd`, ka tsaya ka duba wanda kuka sani tare. Idan mutum ne da ya san aikinka da gaske, kuma yana cikin kamfanin, roƙe shi ya ambace ka. Maganar ɗan gida ta fi kowane saƙo da baƙo zai rubuta.

Sai abin da za ka ce. Ga irin saƙon da ya fi yawa a akwatina, kusan kalma da kalma:

"Barka da war haka. Ina fatan kina lafiya. Na ga kuna ɗaukar ma'aikata, kuma ina matuƙar sha'awar yin aiki da kamfaninku mai daraja. Don Allah ki duba shafina ki gani ko akwai abin da ya dace da ni."

Ladabinsa ya cika, kuma na san mai shi da zuciya ɗaya ya rubuta. Amma ka zauna a kujerarta ka karanta. Tana riƙe da guraben aiki goma ko fiye a lokaci ɗaya, wanne yake nufi? Ya nema ko bai nema ba? Me ya iya? An miƙa mata aikin bincike gaba ɗaya, an ce ita ta nemo masa abin da ya dace da shi. Irin wannan ba a ƙin sa, ajiye shi ake yi da niyyar a dawo, kuma ba a cika dawowa ba.

Ga wanda zan so ka tura a jikin gayyata. Lambar aikin misali ce, ka sa ta gaskiya in tallan yana da ita, in babu ka sa sunan muƙamin daidai yadda suka rubuta:

"Barka da aiki. Na nemi aikin akanta mai lamba 4821 ranar Talata. Shekara 4 ina rufe lissafin wata, ɗaya daga ciki da SAP. Zan so ki duba takardata. Na gode."

Bai kai haruffa 200 ba, kuma duba abin da ya ɗauko. Ta san gurbin, ta san ka riga ka nema, ta san ranar, don haka cikin ɗan lokaci za ta gano ka a manhajarsu. Ta ga hujja guda da ta dace da tallan. Roƙon kuma ƙarami ne, abin da za ta iya yi ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ka rubuta shi da harshen da aka rubuta tallan, kuma ka sa sunanta a gaisuwar, ka kwafe shi daga shafinta harafi da harafi. Kuskuren suna a layin farko yana da wuyar gyaruwa.

Za ka lura ban ɓoye shekara ɗayan ba, ban kuma ba da haƙuri a kanta ba. Nan ne nake so mu daɗe, don nan ne tsoronka yake. Masu nema suna bin ɗayan hanya biyu, duka marasa kyau. Wasu su rubuta "na ƙware a SAP" su yi fatan ba za a tona ba. Za a tona, a minti goman farko na intabiyu, lokacin da shugaban sashe zai tambaye ka yadda ake buɗe sabon wata a rufe tsoho a cikin manhajar, kuma daga nan duk abin da ka faɗa na gaskiya ma ya zama abin tuhuma. Wasu kuma su fara da "na san ban cika sharuɗɗa ba, amma". Wannan ka yanke wa kanka hukunci ke nan tun alƙali bai zauna ba. Faɗi adadin kawai, ka bar ta ta auna.

Kuma ka koma ka sake karanta tallan da natsuwa. Galibi sharuɗɗa kashi biyu ne, akwai na dole, akwai waɗanda in an samu an ji daɗi. In SAP yana cikin kashi na biyu, shekararka ɗaya riba ce. In yana cikin na dole amma ba su faɗi adadin shekaru ba, har yanzu kana cikin fage, sai dai ka nuna abin da ka yi da shi. Kalmar "ƙwarewa" a talla ba ta da sikeli. Abin da shugaban sashe ke son sani shi ne ko za ka zauna a kujera a makon farko ka yi aikin ba tare da an riƙe hannunka ba. Wanda ya yi shekara ɗaya yana shigar da takardun biyan 'yan kwangila, yana daidaita lissafin banki, yana cikin masu rufe wata sau goma sha biyu, ya fi wanda ya yi shekara uku yana buɗe manhajar don ciro rahoto kawai. In kuwa sun rubuta ƙarara cewa sai mai shekara biyar a kai, ko sai mai wata takardar shaidar ƙwararru da ba ka da ita, gaskiya saƙo ba zai tsallakar da kai wannan katanga ba, kuma gara ka adana ƙarfinka don wani gurbin.

Idan ta karɓi gayyatar, ƙofa ta buɗe, kana iya rubuta mai ɗan tsawo. Kada ka jira ta fara magana, karɓar gayyata sau da yawa ita ce iyakar abin da za ta yi. A ranar ko washegari ka tura kamar haka:

"Na gode da karɓar gayyatata. Game da aikin akanta mai lamba 4821: a inda nake yanzu ni ke daidaita lissafin asusun banki shida duk wata, kuma bayan mun koma SAP bara mun rage kwanakin rufe wata daga tara zuwa shida. A sashen kuɗi na manhajar na fi aiki, wajen biyan 'yan kwangila da babban littafin lissafi. Tambayata ɗaya ce: shekara ɗaya ta aiki da shi kullum ta isa a duba mutum a wannan gurbi, ko akwai adadin da aka tsayar? Na haɗa takardar tarihin aikina don sauƙi."

Alƙaluman nan nawa ne na misali, kai ka sa naka, kuma waɗanda za ka iya karewa in an titsiye ka. Kada ka saka sirrin inda kake aiki, kamar yawan kuɗin da ke shiga ko sunayen abokan ciniki. Akanta da ya fallasa lissafin maigidansa ga baƙuwa ya nuna mata abin da zai yi da nasu. Ka lura kuma da tambayar: ɗaya ce, ana amsa ta da layi guda, kuma amsarta ba ta cikin tallan. Tambaya irin "ko za ki ƙara mini bayani a kan aikin?" tana nuna ba ka karanta ba. Roƙon ta ba ka rabin awa ku yi magana a waya ya yi nauyi a wannan mataki, in ta ga ka dace ita za ta nemi wayar. Maganar albashi ma ka bar ta sai an fara tattaunawa, sai dai in dillaliya ce, ita kam kana iya tambayarta da wuri, don ta san iyakar abin da kamfanin zai biya kuma ba ta son ta ɓata lokacinta da naka. Takardar da za ka haɗa ta zama PDF, sunan fayil ɗin kuma ya ƙunshi sunanka. Na sha sauke fayiloli biyar a rana ɗaya duk sunansu iri ɗaya.

Lokaci yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Masu ɗaukar ma'aikata ba sa jiran ranar rufe talla kafin su fara tacewa, da yawa suna kiran mutane tun a makon farko. Ka nema, ka tura saƙon a ranar ko kashegari. Tallan da ya yi wata guda a sama, ko wanda aka rubuta `Reposted` a jikinsa, wato an sake saka shi, yana iya nufin ba su sami wanda suke so ba, yana kuma iya nufin an riga an yi nisa da wasu. A irin wannan, tambayar da ta fi amfani ita ce ko har yanzu ana karɓar sababbin masu nema. Adadin masu nema da shafin ke nunawa kuma kada ya karya maka gwiwa. In tallan na tura mutane zuwa shafin kamfani ne, waɗanda suka danna maɓallin ake ƙirgawa, ba waɗanda suka kammala cikewa ba.

In shiru ya biyo baya fa? Ka ba ta mako guda, sannan ka tuna mata sau ɗaya, a layi biyu: har yanzu kana sha'awar gurbin, kuma a shirye kake in ana bukatar ƙarin bayani. Daga nan ka tsaya. Shiru ba ya nufin an ƙi ka. Wani lokaci an dakatar da gurbin ne, wani lokaci shugaban sashe bai ba da amsa ba, wani lokaci kuma dokar kamfanin ce ta hana ta tattaunawa da masu nema a wajen manhajarsu don a yi wa kowa adalci. Abin da ke ɓata suna shi ne a bi mutum ta ko'ina. Akwai wani mai nema da takardarsa ta yi kyau ƙwarai, har na ware ta. Kafin in kira shi, ya tura saƙo iri ɗaya ga mutum shida a ofishinmu, har da babban shugaba, ya kuma samo lambar wayata ta gida. Duk saƙonnin teburina suka dawo, kowa na tambaya ko lafiya. Na kira shi duk da haka, amma shugabar sashen ta shiga ganawar da ɗar-ɗar a ranta, kuma bai samu ba. Har yau abin yana damuna, don ya iya aikin. Mutum ɗaya ya isa, in ya yi yawa biyu: jami'ar ɗauka da shugaban sashe, kowa da saƙonsa daban. Yawan gayyatar baƙi ma yana da nasa haɗari, domin wanda ya ƙi gayyata yana iya nuna cewa bai san ka ba, kuma in hakan ya yawaita ana iya taƙaita asusunka.

Tunda kana kan aiki yanzu, ka kula da sawunka. Kada ka rubuta "ina sha'awa" a ƙarƙashin tallan inda kowa ke gani, don abokan aikinka na iya cin karo da shi, kuma ba ya ƙara maka komai. In za ka kunna `Open to Work`, wato alamar da ke nuna kana neman aiki, zaɓi wanda masu ɗaukar ma'aikata kaɗai ke gani, ban da koren zoben da ke zagaye hoto. LinkedIn na ƙoƙarin ɓoye alamar daga jami'an kamfanin da kake ciki, amma su da kansu sun ce ba su ba da tabbaci ba.

Sannan ka tabbatar matar da tallan na gaske ne kafin ka miƙa wani abu da ya wuce takardar tarihin aiki. Shiga shafin intanet na kamfanin da kanka ka ga ko gurbin yana can. Duba ko shafinta yana da tarihi, ko kuwa jiya aka buɗe shi da hoto ɗaya da abokai ƙalilan. In ta ce ka tura takardu ta imel, adireshin ya ƙare da sunan kamfanin. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom, ko na horo, ko na kayan aiki kafin a ɗauke ka, ka rabu da shi. A ƙa'idar sana'ar, mai ɗauka ne ke biya, har Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ta ce kamfanonin dillancin aiki kada su caji ma'aikaci. Lambar asusun banki da hoton katin shaida kuwa sai bayan an ba ka takardar ɗauka a rubuce, ka kuma tabbatar daga kamfanin ta fito.

Idan ta amsa ta ce shekara ɗaya ta isa, mayar da amsa a ranar, ka ba ta lokuta biyu ko uku da za a same ka a waya, ka kuma tanadi labarin rufe watan nan dalla-dalla, don shi za a fara tambayarka. Idan ta ce an tsayar da shekara uku, yi mata godiya a layi ɗaya, ka tambaye ta ko za ta riƙe takardarka don gurbin da ke ƙasa da wannan, ka bar haɗin da ke tsakaninku yadda yake. Bayan wata shida, ko ranar da ka ga ta saka wani tallan akanta, ka rubuto mata a ƙarƙashin tsohuwar hirarku domin ta ga inda kuka tsaya, ka faɗi abin da ya ƙaru a aikinka da SAP tun daga lokacin.